Firij zai zame ko zai kife? Ga yadda za ka sani kafin ka tura

To jama'a, bidiyon nan na yaron shagon da ya tura sabon firij a cikin kwalinsa ya kife masa, kowa ya gani, kuma kowa ya zama injiniya. Wasu sun ce nauyi ne ya yi yawa, wasu sun ce tsawon firij ɗin ne. Ni dai a ganina duk sun bar inda matsalar take. Ku sake kallo a hankali. Kun ga inda hannunsa yake? Daidai ƙirji.

Mun zo wani shago kusa da kasuwar Wunti nan Bauchi, mai shagon ya ara mana irinsa. Nauyi kilo 70, tsawo santimita 180, faɗin gindi ta ɓangaren da za mu tura santimita 60.

Idan ka tura shi, abu biyu ke rige-rige, zamewa da kifewa, wanda ya fi buƙatar ƙaramin ƙarfi shi zai fara faruwa.

Zamewa ba ta da wuya. Mun ɗaura igiya can ƙasa, mun saƙala sikelin rataya, irin na masu awon buhu, muka ja. Ku dubi allurar... kilo 21 ya motsa. A kan wannan tayil ɗin kenan. Ko a sama ka tura ko a ƙasa, 21 ɗin nan ba ya canzawa, ƙasa ba ruwanta da inda hannunka yake.

Amma kifewa ruwanta ne, kuma nan ne mutane suke ɓacewa. Firij in zai kife, a kan gefen gindinsa na can gaba yake juyawa, wannan layin da na ja da jan alli. Nauyinsa yana danna ƙasa ta tsakiya, daga tsakiyar zuwa jan layin santimita 30 ne, rabin faɗi ba duka ba, don Allah a riƙe wannan. Kilo 70 sau 30, 2100. Wannan shi ne abin da ke zaunar da shi. Kai kuma abin da kake kawowa shi ne ƙarfinka sau tsayin hannunka daga ƙasa. Kamar bakanike ne da ya zura bututu a sifana, ƙarfinsa bai ƙaru ba amma notin ya kwance.

Yanzu yaron nan hannunsa yana wajen santimita 130. Raba 2100 gida 130, kilo 16 da ɗan wani abu. To ka ga 16 bai kai 21 ba, tun kafin ƙasa ta saki firij ɗin gindinsa na baya ya riga ya ɗaga. Ku duba, mun sa mutum biyu a gaba su tare saboda kayan mutane ne, ba mu da kuɗin biya. Kun ga ya ɗaga ko?

Sauke hannu zuwa 80. Yanzu sai ka yi kilo 26 kafin ya ɗaga, alhali a 21 ya riga ya tafi. Ga shi nan suuu, firij ɗaya, tayil ɗaya.

Iyakar tana ina? Raba 21 da 70, ya ba ka 0.3, wato yadda ƙasar take riƙo. Sai ka raba rabin faɗin da wannan, 30 ÷ 0.3, santimita 100. Ƙasa da mita ɗaya zamewa, sama da haka kifewa. Kuma masu cewa nauyi ne, ku lura: in nauyin ya ninka, ƙarfin zamewa ya ninka, na kifewa ma ya ninka, layin mita ɗayan nan yana nan inda yake, wahalarka ce kawai ta ƙaru.

Abin da ke motsa layin shi ne ƙasa. Mun fito da shi kan siminti mai kaushi, sikeli ya nuna 42, wato 0.6, iyaka ta faɗo santimita 50, wajen gwiwa fa kenan. Shi ya sa kayan da ya tafi lafiya a cikin shago yake kifewa a baranda.

Lissafin nan ya ɗauka nauyin yana tsakiya kuma turin a miƙe yake. In akwati ne ka jibge kaya a gefen gaba, 30 ɗin nan ya ragu, zai fi saurin kifewa. In kuma gindin ya ci karo da dokin ƙofa ko tsagewar siminti, manta da zamewa gaba ɗaya, kifewa ce kawai ta rage.

Ba ka da sikeli? Durƙusa ka tura daga ƙasa a hankali, ka riƙa ɗaga hannu taƙi-taƙi, idonka a kan gefen gindin da ke kusa da ƙafarka, wani kuma ya tsaya a gaba yana tare. Da ka ga haske ya fara shiga ƙarƙashinsa, ka wuce layi, koma ƙasa da taƙi ɗaya ko biyu ka tura daga nan.