Sharhi: Sirrin sheƙin cakulan yana tsakanin digiri 31 da 32

"Ina yin kek na sayarwa a nan Jos. Duk lokacin da na narkar da cakulan, ko dai ya dunƙule mini a kwano, ko kuma ya bushe ya yi fari-fari, ba ya sheƙi, ba ya karyewa ƙas kamar na kanti. Ina kuskuren yake?"

Saƙon wata mai sauraronmu ke nan. To Hajiya, sannu da ƙoƙari, ki ba ni aron kunnenki.

Abin da ke riƙe cakulan shi ne man koko, kuma wannan mai yana iya daskarewa ta siffofi shida. Ta biyar ce ake nema, ita ce mai sheƙi, mai karyewa ƙas, wadda ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 34. Shi ya sa cakulan mai kyau ba ya damewa a yatsa, amma yana shiga baki sai ya narke. Idan kika narkar da shi kika bar shi ya huce yadda ya ga dama, siffofin nan sai su cakuɗe, ya fito dishi-dishi kamar gilashin motar da ƙurar hunturu ta kwana a kai.

Maganin ya yi kama da yadda ake kwantar da kindirmo: ana ɗiban tsohon nono a zuba cikin sabuwar madara, shi zai ja ta. A ce kina da giram 300 na baƙin cakulan. Ki yanka shi ƙanana, ki ware giram 100 a gefe. Sauran 200 ɗin ki zuba a busasshen kwanon silba, ki ɗora a bakin tukunyar da ke da ruwan zafi kaɗan. Kada gindin kwanon ya taɓa ruwan, kada kuma ruwan ya tafasa. Yana ɗaukar zafi ma ki kashe wutar. Ki riƙa juyawa har ma'aunin zafi ya nuna digiri 45 zuwa 50, sannan ki sauke, ki goge gindin kwanon da tsumma.

Yanzu sai ki riƙa barbaɗa giram 100 ɗin nan kaɗan-kaɗan kina juyawa. Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke gajiya. Kowane gutsure da kika zuba yana sauko da zafin, yana kuma koya wa narkakken yadda zai daskare. Za ki ji cokalin ya ɗan ƙara nauyi, fuskar cakulan ta yi sumul tana ɗaukar ido. Ki tsaya a digiri 31 zuwa 32. In akwai ɗan gutsuren da bai narke ba, ki tsame shi. Mai madara kuwa 29 zuwa 30 yake so, fari 28 zuwa 29, kuma su biyun kada a wuce 45 wajen narkar da su.

Kafin ki zuba a kan kek, ki tsoma bakin wuƙa ki ajiye. In cikin minti uku zuwa biyar ya daskare yana sheƙi, kin dace. In ya zauna jagab ko ya yi zane-zane, ki ƙara gutsure ki ci gaba da juyawa. Ku mutanen Jos Allah ya hutar da ku, sanyin safiyarku ya dace da wannan aiki. 'Yar'uwarki ta Abuja a watan Maris dole ta nemi ɗaki mai sanyi, kusan digiri 20.

Batun dunƙulewa kuwa, ruwa ne. Cakulan busasshen abu ne, garin koko da sukari ne ke yawo cikin mai. Ɗigo ɗaya ya faɗa, sukarin zai jiƙe ya manne da juna, nan take ya yi gudaji. Jiƙaƙƙen cokali, tururin tukunya, murfin da aka rufe kwano da shi ya yi gumi, duk suna jawo haka. Don Allah kada ki zubar. Ki riƙa ƙara ruwan zafi ko madara mai zafi cokali-cokali kina bugawa, zai warware ya zama abin shafa wa kek, sai dai ba zai ƙara daskarewa ƙas ba. Wanda ya ƙone kuwa, za ki ji ƙauri da ɗaci, ya yi tsakuwa-tsakuwa, wannan kam ba shi da gyara.

Ki kuma duba bayan ledar da kika saya. In an rubuta man kwakwar manja ko wani man girki a madadin man koko, wannan ba ya buƙatar duk wannan hidima, narkarwa kawai ake yi a hankali. In na man koko ne, bayan kin gama kada ki bar shi ya kwana a firji a buɗe, domin kina fito da shi zai yi raɓa, raɓar ta narkar da sukarin samansa, farin nan ya dawo.