Yadda ake fitar da jadawalin lokaci daga rubutaccen kiran gaggawa

Ranar 14 ga Yuni, 2017, da ƙarfe 00:54 na dare, wani mazaunin gida mai lamba 16 a hawa na huɗu na benen Grenfell da ke Landan ya kira 999, ya ce wuta ta tashi a wajen firjinsa. Mutum 72 ne suka rasu sanadiyyar wannan gobara. Da kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Martin Moore-Bick ya zauna, wannan kiran ne farkon abin da ya kafa a jadawalinsa. Bari mu ga yadda ake wannan aiki, domin haka ake yi ko da kiran 112 ne a Najeriya.

Ku fara da lokacin da na'urar cibiyar amsa kira ta rubuta cewa kiran ya shigo. A Grenfell 00:54:29 ne. Shi kuwa rubutun da aka kwafo daga muryar, yawanci daga sifili yake ƙirgawa. Saboda haka a kan kowane layi za ku tara biyun. A ce mai kira ya faɗi wata magana a minti 1 da daƙiƙa 10 na faifan, to a agogo 00:55:39 ke nan. Kafin ku yi wannan lissafi, ku saurari faifan da kunnenku. Idan an yanke farkonsa, ko an cire wurin da aka yi shiru, duk lokutan da suka biyo baya sun goce.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Lokacin da mutum ya faɗi abu daban, lokacin da abin ya faru daban. Ƙarfe 00:54 ba shi ne lokacin da wutar ta tashi ba. Kafin mutumin ya ɗauki waya, ƙararrawar hayaƙi ta riga ta tashe shi daga barci, ya je kicin ya ga hayaƙi. Waɗannan duka sun faru kafin daƙiƙar farko ta faifan. Wanda ya rubuta "00:54, gobara ta tashi" ya ɓatar da mintunan da ba a gani a rubutu. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne "00:54, an kai rahoton gobara", sannan ya buɗe layi a sama ya sa "kafin 00:54", ya jera abubuwan bi da bi ba tare da ya ƙirƙira musu minti ba.

Shi ya sa teburin jadawalinku yake bukatar gida biyu na lokaci, ɗaya na faɗa, ɗaya na faruwa. Ku lura da yadda mai kira yake magana. "Ga shi yana ci" na yanzu ne, lokutan biyu sun haɗu. "Ɗazu na ji ƙara" na baya ne. "Zan fita" niyya ce kawai, kada ku rubuta cewa ya fita sai kun ji alamar hakan. In ya ce "kamar minti biyar da suka wuce", ku sa kimanin, domin mutumin da ke cikin firgici ba ya auna lokaci daidai. Wannan ba laifinsa ba ne, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Gida na gaba na maganar ce kamar yadda ta fito daga bakinsa. Kada ku gyara masa. A Grenfell an sauya lambobin hawa bayan kwaskwarimar da aka yi wa ginin, kuma alamun da ke kan matakala ba su nuna hakan yadda ya kamata ba. To idan mai kira ya ambaci hawa, ku rubuta lambar da ya faɗa, fassararku ta zauna a gefe. Inda murya ba ta fita ba, ku rubuta cewa ba a ji ba. Ku kuma raba abin da ya gani da idonsa da abin da maƙwabci ya gaya masa.

Sai a kawo sauran shaidu a gwada. Rajistar 'yan kwana-kwana ta nuna motocin farko sun iso da 00:59. Binciken ya sa 01:09 a matsayin lokacin da wutar ta fita daga gidan ta kama rufin bangon waje, da 02:47 a matsayin lokacin da aka janye umarnin cewa mutane su zauna a gidajensu. Kowace na'ura da agogonta, kyamarar tsaro tana iya yin gaba ko baya da mintuna. Ku nemi abu ɗaya da ya bayyana a wurare biyu, misali jiniyar da aka ji a waya da isowar motar a bidiyo, ku auna tazarar, ku gyara duk lokutan kyamarar da ita. Idan shaidu biyu sun saɓa kuma babu abin da zai raba gardama, ku bar su duka a teburin, kowanne da sunan inda ya fito.