Darasin Excel: dalilin da wasu akwatuna ke ƙin buɗewa bayan an kulle shafi, da yadda ake ware wa kowa wurin rubutunsa

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ga fayil ɗin nan a gabana, ina fata kuna ganin allon sosai. Takardar maki ce ta ɗalibai 40. Sunaye suna kolum A, gwaji na ɗaya da na biyu suna B da C, jarrabawa tana D, jimilla kuma tana E, daga layi na 2 har zuwa na 41. A E ɗin fomula ce kawai:

```
=SUM(B2:D2)
```

Abin da muke so shi ne mai shigar da maki ya yi rubutunsa a B, C da D, amma kada hannunsa ya kai ga sunaye ko fomular. To bari in yi abin da yawancin mutane ke yi. Na je Review, na danna Protect Sheet, na danna OK. Yanzu in zo B2 in buga 15. Kun gani? Ya ƙi. Ga saƙon da ya fito: The cell or chart you're trying to change is on a protected sheet. Duk inda na taɓa haka zai ce.

Dalilin shi ne, kowane sel, wato kowane ɗan akwatin nan da ke cikin shafin, da makullinsa a jikinsa yake zuwa tun ranar da ka buɗe sabon fayil. Makullin yana rataye ne, ba a datse shi ba. Protect Sheet ba ya zaɓen wanda zai kulle, datse duk makullan da ya tarar a rataye yake yi. Saboda haka in kana son wani akwati ya zauna a buɗe, kai ne za ka cire masa makullin tun kafin ka kulle shafin.

Mu gyara. Zan zaɓi B2 zuwa D41, in danna Ctrl+1... a'a, ku dakata, ba zai buɗe ba, ai shafin yana kulle har yanzu. Unprotect Sheet tukuna. Yauwa. Yanzu Ctrl+1, ga Format Cells, ku je can ƙarshe inda aka rubuta Protection. Ga Locked da alama a kansa. Cire ta. Hidden ɗin da ke ƙasa ku bar shi, na ɓoye fomula ne, ba shi muke yi yau ba. OK, sai a sake kulle shafin. B2 ya karɓi 15, E2 kuma ya ƙi taɓuwa.

Akwai gajeriyar hanya ta Home, Format, Lock Cell, amma ni na fi son Ctrl+1, domin a can ina ganin halin da akwatunan suke ciki da idona.

To ga inda tambayar take yawan fitowa: “Malam, duk na yi wannan, amma wasu akwatunan har yanzu a kulle suke.” A nan zan ɗan daɗe, don ni ma abin ya taɓa cin mini yini guda.

Ku riƙe wannan: Locked ɗin nan Excel yana ɗaukarsa ne a matsayin ado na akwati, ajinsu ɗaya da launi da kaurin rubutu da layin gefe. Duk abin da zai iya kwaso launi daga wani akwati ya kawo wani, zai iya kwaso makulli ma. Bari ku gani. Na buɗe shafin. Zan kwafi A5, wanda yake da makulli, in liƙa shi a C5, sannan in goge abin da ke ciki da Delete. A ido C5 fanko ne kamar sauran. Amma Delete rubutu kawai yake gogewa, adon yana nan. Na kulle shafin, ga C5 ya ƙi, alhali C4 da C6 suna karɓa. Haka Format Painter yake yi in ka ɗauko ado daga kan jimilla ka shafa a kan maki don su yi kyau iri ɗaya. Haka ma Clear Formats da Clear All: suna mayar da akwati yadda aka haife shi, kuma da makulli aka haife shi.

Wanda ya wahalar da ni shi ne na liƙi daga waje. Na taɓa haɗa wa wani wurin aiki irin wannan takarda, na gwada komai lafiya lau, na miƙa. Bayan kwana biyu aka kira ni, wai akwatuna suna kulle kansu. Mutum zai shigar da lamba, ya ga ya yi kuskure, ya dawo gyarawa, akwatin ya ƙi. Na bincika fayil ɗin sama da ƙasa ban ga komai ba, sai da na zauna kusa da mai aikin na kalli hannunta. Ashe ba bugawa take yi ba, daga shafin intanet take kwafo lambobin ta liƙa kai tsaye. Liƙin yana zuwa da nasa adon, ya shafe wanda na saka, makullin ya dawo, kuma tunda shafin a kulle yake, nan take ya datse. Maganinsa a liƙa rubutu zalla: a danna dama a zaɓi Match Destination Formatting, ko a danna F2 a shiga cikin akwatin sannan a liƙa. In kuma daga wani akwatin Excel ne, Paste Special, Values.

Yaya za ka gane waɗanda suka kulle ba tare da ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba? Buɗe shafin tukuna, sai ka zaɓi B2:D41 gaba ɗaya, Ctrl+1, Protection. Dubi akwatin Locked da kyau. In fanko ne, duka a buɗe suke. In akwai alama, duka a kulle. In kuwa ka ga an cike shi, ba alama ba kuma ba fanko ba, to gauraye ne, wasu a kulle wasu a buɗe. Mutane da yawa suna ganin haka su ɗauka an riga an cire, su danna OK su wuce. Danna shi har sai ya zama fanko fes.

Ni kuma abin da nake yi a kowane fayil da zan ba wani, launi nake sa wa. Zaɓi A1 zuwa E41, Conditional Formatting, New Rule, ka ɗauki na ƙarshe mai amfani da fomula, ka buga:

```
=CELL("protect",A1)=0
```

Wannan CELL ɗin yana bayar da 1 in akwati yana da makulli, 0 in babu. Sai ka zaɓi launi mai haske. Kun ga B, C, D sun yi launi, ban da C5 da ya tsaya fari a tsakiya. Ga mai laifin nan. In ka canja makulli launin bai motsa ba, danna F9.

Wani abu kuma mai sauƙi: ɗalibi na 41 ya zo, za a sa shi a layi na 42. Mu a 41 muka tsaya da cire makulli, don haka 42 a kulle yake. Ku riƙa barin rara tun farko.

 In bidiyon yana amfanar ku, ku tura wa wanda kuka san yana fama da takardun da mutane da yawa ke rubutu a ciki.

To yanzu a ce mutum biyu ne. Ɗaya yana shigar da gwaji, ɗaya jarrabawa, kuma ba a son kowa ya shiga gonar wani. Cire Locked ba zai yi mana wannan ba, domin shi buɗe wa kowa yake yi. A nan Allow Edit Ranges yake shigowa. Yana cikin Review, kusa da Protect Sheet. A tsofaffin Excel za ku ga an rubuta Allow Users to Edit Ranges, abu ɗaya ne. In kun gan shi ya dusashe ba ya dannuwa, shafin ne ke kulle, ku buɗe.

Na danna New. A Title zan rubuta Gwaji. A Refers to cells:

```
=$B$2:$C$41
```

A Range password in sa kalmar sirrin mai gwaji, in maimaita ta. New kuma, Title Jarrabawa, D2 zuwa D41, da wata kalmar daban. Sai Protect Sheet, ga maɓallinsa nan a ƙasan wannan tagar. Kalmar da za ka sa a nan taka ce kai mai fayil, kada ta zama ɗaya da nasu, don duk wanda ya san ta ya buɗe shafin gaba ɗaya.

Mu gwada. D2, in buga 50... ya shiga bai tambaye ni komai ba. Af, ai ɗazu mun cire wa B zuwa D makulli. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi a nan, gara da ya faru a gabanku. Kalmar sirrin yanki tana aiki ne a kan akwati mai makulli kaɗai. Ƙofar da take a buɗe ba a tambayar mabuɗinta. Saboda haka Unprotect, Ctrl+A, Ctrl+1, a mayar da Locked a kan komai, a sake kullewa. Yanzu D2, ina fara bugawa ga taga ta fito, Unlock Range, tana neman kalma. Na sa ta jarrabawa, ya karɓa. In koma B2, ya sake tambaya, kuma kalmar jarrabawa ba ta buɗe shi.

A tagar Protect Sheet ku bar alama a kan Select locked cells da Select unlocked cells duka biyun. Na san wasu suna son cire ta farkon don kada a taɓa fomula ko da maus ne, amma yankin da ke da kalmar sirri akwati ne mai makulli, dole mai shi ya iya tsayawa a kansa kafin a tambaye shi kalmar.

Sannan ku sani, da zarar mutum ya sa kalmar sau ɗaya, yankin zai zauna a buɗe har sai an rufe fayil ɗin. In kwamfuta ɗaya suke amfani da ita, mai jarrabawa ya gama ya tashi ya bar fayil a buɗe, to kolum D a buɗe yake ga duk wanda ya zauna bayansa. Ku gaya musu su adana su rufe.

In ka bar Range password fanko, kowa zai iya rubutu a yankin. Za ku ce to meye bambancinsa da cire Locked? Bambancin shi ne shi da adireshi yake aiki, B2 zuwa C41, ba ruwansa da adon akwati. A liƙa daga intanet, a shafa Format Painter, izinin yana nan inda yake. Da wannan na rufe matsalar wurin aikin da na ba ku labari.

Shi kuma maɓallin Permissions, na ofisoshin da kwamfutocinsu ke haɗe ne, kowa yana shiga Windows da asusunsa na wurin aiki. A can za ka zaɓi sunan mutum, shi ya yi rubutu ba tare da an tambaye shi kalma ba. In ba irin wannan tsarin gare ku ba, ku tsaya a kan kalmar sirri. Kuma kada ku ɗauki kullen shafi a matsayin ɓoye sirri, duk wanda ya buɗe fayil ɗin yana ganin makin kowa. In ba a son a gani sam, wannan aikin Encrypt with Password ne, a ƙarƙashin File, Info.

Bari in rufe fayil ɗin in sake buɗewa ku gani. D2, in buga lamba, ga Unlock Range ya dawo. Sai mun haɗu a darasi na gaba, wassalam.