Sharhi: Ina mutanen suka shiga a cikin jimlar?

Wani mai sauraro ya aiko mana da tambaya: "Ina yawan jin 'collateral damage' da 'let go' a labaran Turanci. Me suke nufi, kuma me ya sa ba a faɗin magana kai tsaye?"

Jama'a masu sauraro, mu je garin Kunduz na Afghanistan. Ranar 3 ga Oktoban 2015, wajen ƙarfe 2 na dare, jirgin yaƙin Amurka ya yi ta ruwan wuta a kan asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF. Mutum 42 suka mutu: majinyata 24, ma'aikata 14, masu kula da marasa lafiya 4. Wasu a kan gadonsu suka ƙone. Amma sanarwar farko ta sojojin cewa ta yi mai yiwuwa harin ya jawo "collateral damage" ga wata cibiyar lafiya da ke kusa.

Ku feɗe kalmomin. Ta farko tana nufin abin da ke gefe. Ta biyu ɓarna ce, irin wadda ake yi wa gini ko mota. Haɗa su, ka sami "ɓarnar gefe". Ina majinyacin? Ina likitan? Ina wanda ya harba? Duk an share su daga jimlar. Kuma asibitin ba a gefe yake ba, shi aka yi ta harbi, ga shi ƙungiyar ta ba sojojin bayanin daidai wurin da yake kwanaki kaɗan kafin nan.

Masu kare lafazin sukan ce ai yaren doka ne. Haba! Yarjejeniyar 1977 da aka ƙara a kan dokokin yaƙi na Geneva ta ambaci asarar rayukan fararen hula ƙarara. Wasu kuma su ce ai mu ma muna sakaya zance, mu ce "ya riga mu gidan gaskiya". Wannan don tausaya wa mamaci da iyalinsa ne. Waccan kuwa wanda ya yi aika-aikar take rufa wa asiri.

Haka "let go". A zahiri sakin mutum ne ya tafi, sai ka ce shi yake ta neman tafiya. Kora ce. Ba ta kuma faɗa maka ko laifi ya yi ko rage ma'aikata aka yi, alhali hakkokin sallamarsa sukan rataya a kan wannan bambancin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai fassara ya kwaso lafazin yadda yake ya zuba wa Bahaushe a kunne. Kafin ka fassara, tambayi jimlar: wa ya yi? Wa aka yi wa? Su nawa? In ta kasa amsawa, ka danganta lafazin ga mai shi, ka ce "a cewar rundunar", sannan ka faɗi abin da ya faru: jirgin Amurka ya kai hari kan asibiti a Kunduz, ya kashe mutum 42.