Sharhi: Yaro Mai Sikila, Tsakanin Ciwo da Zazzaɓi

"Ɗana shekararsa shida, yana da sikila. In ƙafafunsa suka fara ciwo, ko jikinsa ya yi zafi da dare, nakan ba shi farasitamol in jira gari ya waye. Kuma ina rage masa ruwa da yamma saboda fitsarin kwance. Daidai nake yi?" Saƙon wata uwa ke nan daga wani ƙauye a yankin Ringim.

Jama'a masu saurare, bari mu fara da ruwan, don a nan iyaye da dama ke cutar da ɗa da kyakkyawar niyya. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ta sauran yara ke yi. Ko jikinsa na bukatar ruwan, sai ta yi ta zubar da shi, shi ya sa fitsarin kwance ke daɗewa bai bar su ba. Baiwar Allah, ba rashin tarbiyya ba ne. In kika hana shi sha, fitsarin ba zai tsaya ba, jinin ne zai yi kauri, lanƙwasassun ƙwayoyinsa su cushe a ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Kada kuma hasken fitsarinsa ya ruɗe ki, yakan fito fari ko da jikin ya bushe. Leɓensa da harshensa za ki duba.

Yaro mai nauyin kilo 20 yana bukatar wajen lita biyu a yini, kamar ledar fiya wata huɗu ke nan, kuma kunu da koko duk suna cikin lissafi. A bazara, ko ranar da ya bi yayyensa gona, a ƙara. In gudawa ko amai ya shigo, a dama ruwan gishiri da sukari na fakiti a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Sanyi ma yana tsuke jijiyoyi: wankan asuba a hunturu, dukan ruwan sama, faɗawa kududdufi da damina.

To, ciwo ya fara, jiki babu zafi, yaro yana sha yana magana. Wannan ana iya somawa a gida. A yawaita ruwa, a lulluɓe shi, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ban da ruwan randa ko ƙanƙara. Mai kilo 20 zai iya shan rabin ƙwayar farasitamol ta manya, mai lamba 500, duk bayan awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini. In an ba shi sau ɗaya ko biyu ciwon bai lafa ba, sai asibiti. Kai shi wurin wanzami a yi tsaga kuwa, yaron da dama jininsa bai cika ba, ƙarin asara ne da buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Zazzaɓi maganarsa daban, shi ba a jiran wayewar gari. Saifa ita ce ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, ta mai sikila kuwa tun yana ƙarami sosai take lalacewa. Cutar da wani yaro zai yi kwana uku yana fama da ita, shi tana iya mamaye jininsa cikin 'yan sa'o'i. Farasitamol zai sauke zafin, hankalin uwa ya kwanta, alhali cutar na nan tana aiki. Nan ne haɗarin yake. A nemi ma'aunin zafin jiki a kemis a ajiye, a auna kafin a ba da magani. Ya kai 38, a kama hanya, ko ƙarfe biyun dare ne. Kada a ce ai shawara ce, ko cizon sauro ne a sayo magani. Ko da maleriyar ce, ita kanta tana fasa masa jini, sai an gwada an ga abin da ya saura.

Akwai alamun da ko zazzaɓi babu, ba a tsayawa: numfashi sama-sama da tari ko ciwon ƙirji, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, ciki ya kumbura ta hagu, baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, yaro ya kasa shan ruwa.

Ku kuma iyaye maza, Malam, ka san tun yanzu mai babur ko mai motar da za ka tasa cikin dare, ka san asibitin da ke iya ƙarin jini, domin ƙaramin asibitin ƙauye sau da yawa tura ku zai yi babban asibiti, ko Dutse ko Kano. Da isarku, kafin a ce ku bi layi, ku gaya wa ma'aikacin jinya cewa mai sikila ne, jikinsa ya kai 38, ga lokacin da ya fara, ga maganin da aka ba shi da ƙarfe nawa.