Sikeli kafin ƙwaya: lacca a kan haɗaɗɗun ƙwayoyin tarin fuka na yara

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu na shirya mana a kan haɗaɗɗiyar ƙwayar tarin fuka ta yara, wato wadda aka cure magunguna biyu ko uku a cikin ƙwaya guda, ake kuma bayarwa gwargwadon nauyin yaro.

Na farko, ita kanta ƙwayar. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara adadin maganin da ake bai wa yara a kan kowane kilo, domin jikin ƙaramin yaro yana sarrafa maganin ya fitar da shi da sauri fiye da na babba. Sai dai ƙwayoyin da ke hannu a lokacin ba su dace da sabon lissafin ba, iyaye suna ta fasawa suna niƙawa, ga ɗaci. A ƙarshen 2015 aka fito da waɗanda muke amfani da su yanzu, masu narkewa a ruwa, masu ɗanɗanon 'ya'yan itace. Ta watanni biyun farko, za ku ga an rubuta RHZ 75/50/150 a jikin kwalinta: rifamfisin miligiram 75, aisonayazid 50, firazinamayid 150. Ta sauran watannin kuma RH 75/50, an cire firazinamayid. Itambutol ita kaɗai take zuwa, miligiram 100, ana ƙara ta a watanni biyun farko idan cutar ta yi tsanani, ko yaron yana da ƙanjamau, ko inda ƙwayar cutar ta saba bijire wa aisonayazid.

Na biyu, rukunin nauyi. Wannan ku rubuta, mai biro ya ara wa maƙwabcinsa. Daga kilo 4 zuwa ƙasa da 8, ƙwaya ɗaya a rana. Daga 8 zuwa ƙasa da 12, biyu. Daga 12 zuwa ƙasa da 16, uku. Daga 16 zuwa ƙasa da 25, huɗu. Wanda ya kai kilo 25 ya koma ƙwayar manya. Jaririn da bai kai kilo 4 ba kuwa, ba ya cikin wannan jadawalin, a kai shi ga likitan yara ya lissafa masa. Ku lura ban ambaci shekaru ba. Uwa za ta ce miki, "Ai ya kai shekara uku." To, Allah ya raya shi, amma a ɗora shi a sikeli. Tarin fuka yana cinye jiki, ɗan shekara uku yana iya zuwa da nauyin ɗan shekara ɗaya.

A nan nake so mu zauna, don a nan ne ake yawan tuntuɓe. Mu ɗauki yarinya, ta zo a rame, sikeli ya nuna kilo 7.4. An rubuta mata ƙwaya ɗaya, daidai ne. Ta fara shan magani, zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, ta fara cin abinci. Bayan wata guda ta dawo da kilo 8.6. Kowa yana murna, uwa tana godiya, ma'aikaci ya rubuta 8.6 a kati, sannan ya sake ƙirga mata ƙwaya ɗaya a rana. Ya auna, ya rubuta, bai duba jadawali ba. Kun ga wannan? Ya auna, ya rubuta, bai duba ba.

Mu yi lissafin tare, ku ciro wayoyinku, yau na halatta muku. Ana son rifamfisin ya kasance miligiram 15 a kowane kilo, tsakanin 10 da 20. A raba 75 da 8.6. Nawa kuka samu? Eh, Malam, 8.7, ƙasa da 10 ke nan. Aisonayazid ana son 10, tsakanin 7 da 15, ita kuwa 50 a kan 8.6 bai cika 6 ba. Firazinamayid ana son 35, tsakanin 30 da 40, ita tana samun wajen 17, wato rabi. Yanzu a ba ta ƙwaya biyu: rifamfisin ya koma 17.4, aisonayazid 11.6, firazinamayid kusan 35. Komai ya zauna a mazauninsa.

Ku ƙara lura da wani abu. Tun tana kilo 7.4, rifamfisin ɗinta 10 ne da ɗan ɗoriya, a bakin gaɓa take. Yaron da ke saman rukuninsa kullum shi ne mai samun mafi ƙarancin kaso, domin ƙwaya ba ta rabuwa daidai da kowane giram. Don haka idan kin ga 7.4, ko 11.5, ko 15.6, ki sa alama a kati, ki gaya wa uwar cewa zuwa na gaba wataƙila a ƙara ƙwaya. Ki kuma gaya mata dalili. In ba haka ba, ranar da kika ce biyu, za ta koma gida da zaton ciwon ya ƙaru ne, ko ta tsorata ta ci gaba da ba da ɗaya. Ki ce mata, "Mama, ƙarin nan albishir ne, 'yarki ce ta yi ƙiba, kamar yadda rigarta ta bara ta matse ta." Haɗarin ƙaramin kaso shi ne ba ya nuna kansa nan take. Yarinya tana wasa, ana ganin lafiya lau, alhali maganin da ke cikin jininta bai kai yadda zai gama da cutar ba, sai daga baya a ga nauyi ya tsaya ko tari ya dawo.

Kuma sikelin ma a duba shi. A mayar da shi sifili kafin a ɗora yaro, a cire takalmi da kaya masu nauyi, a yi amfani da sikeli ɗaya kowane zuwa. Giram 300 na rigar sanyi yana iya tsallakar da yaro daga 7.8 zuwa 8.1.

Na uku ne ko na huɗu muke? Lokaci ya ja, bari in haɗe su. A narkar da ƙwayoyin a ɗan ruwa mai tsabta, kamar mililita 50, a sha cikin minti goma, a ɗauraye kofin da ɗan ruwa a sake ba shi, don maganin da ya kwanta a ƙasa. Fitsari zai yi ja kamar ruwan goro, rifamfisin ne, kada a tsorata. Amma idan idanu sun yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, a dakatar da magani a kawo yaro ranar, hanta ake tsoro. Tsawon magani wata shida ne, sai dai tun 2022 an amince da wata huɗu ga yaro daga wata 3 zuwa shekara 16 wanda cutarsa ba mai tsanani ba ce. Wanda ta shiga ƙwaƙwalwarsa ko ƙashinsa, nasa tsarin daban ne.

Na'am, Hajiya, ɗaga murya kaɗan. Tambayarta ita ce, idan ta yara ta ƙare, ko za a raba ta manya biyu a ba ƙaramin yaro rabi? Na gode da wannan, don ana yi. Ta manya RHZE 150/75/400/275 ce. Raba ta biyu, in ma ta rabu daidai, kin samu rifamfisin 75, wannan ya yi daidai da ta yara. Amma aisonayazid 37.5 ne maimakon 50, firazinamayid 200 maimakon 150, ga itambutol kusan 138 wadda wataƙila ba a rubuta wa yaron ba. Ga yaro mai kilo 7, wannan aisonayazid ɗin bai kai miligiram 6 a kilo ba. Sannan ba ta narkewa, ɗacinta yana sa yaro ya tofar, ba ki san nawa ya shiga ciki ba. Don haka kada ki yanke wannan hukuncin ke kaɗai. Ki kira likita ya lissafa kowane magani a kan nauyin yaron, ki nemo ta yara daga cibiya mafi kusa a ranar, kada a bar shi ya tsallake kwanaki. Kuma lokacin yin oda, ki ƙirga wa kowane yaro da ke kusa da saman rukuninsa ƙwayoyin rukuni na gaba, domin yarinyarmu mai kilo 7.4 za ta buƙaci ƙwaya 60 a wata na biyu, ba 30 ba. Akwai wani hannu a can gefe, bismillah Malam.