Yadda ake ɗaure tambari, launi da salon rubutu a PowerPoint daga wuri guda

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi wannan rahoton shekara na wata ƙungiyar manoma, shafi 40, an shirya shi ne domin a haska da majigi a wurin taro. Bari in riƙa wucewa shafi bayan shafi, ku kuma ku sa ido kan tambarin da ke sama ta dama. Kun ga yadda yake tsalle? Nan ya hau sama, nan ya ɗan sauko, a shafi na 9 ma ya faɗaɗa ya yi ƙiba. Taken shafi kuwa, wani kore ne mai duhu, wani kore shar, wani baƙi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mutum uku suka haɗa aikin, kowa ya liƙa tambarin da hannu a shafukansa, kowa ya zaɓi koren da idonsa ya ga ya yi.

Ba bin shafuka 40 ɗaya bayan ɗaya za mu yi ba. Za mu buɗe sabon fayil, mu gina masa tushe, sannan mu kwaso aikin mu zuba a ciki.

Kafin komai, girman shafi. Ku shiga Design, ku danna Slide Size, ku tabbatar yana kan Widescreen (16:9). Faɗinsa santimita 33.87 ne, tsayinsa 19.05. Ku riƙe wannan faɗin, za mu yi lissafi da shi. Na fara da wannan ne saboda idan kuka gama tsara komai sannan kuka sauya girma zuwa 4:3, tambarin da kuka daidaita zai iya matsewa ko ya kauce daga mazauninsa.

Yanzu View, sai Slide Master. Ku dubi hagu. Akwai shafi ɗaya a can sama da ya fi sauran girma, shi ne uwa. Waɗanda suka jeru a ƙarƙashinsa su ne tsare-tsaren shafi, abin da kuke gani idan kun danna Layout a wurin aiki na yau da kullum: Title Slide, Title and Content, Two Content, da sauransu. Duk abin da muke yi a wannan bidiyon ya rataya ne kan doka ɗaya. Tsarin shafi yana gadar abin da ke jikin uwa, shafin da kuke rubutu a kai kuma yana gadar abin da ke jikin tsarinsa. Amma duk abin da aka taɓa da hannu a ƙasa, ya daina sauraron na sama a kan wannan abin.

Ga tarkon farko. Idan kuka shigo nan, PowerPoint yakan ajiye ku ne a kan tsarin shafin da kuke kai, ba a kan uwa ba. Mutane da yawa a nan suke liƙa tambari, su fita, sai su ga ya fito a wasu shafuka, wasu babu. Don haka ku gangara da lissafin har sama, ku danna babban.

Mu fara da salon rubutu. Kada ku zaɓi taken ku canza masa salo daga Home. Ku danna Fonts, ku sauka ƙasa zuwa Customize Fonts. Gurbi biyu ne kawai: Heading font na take, Body font na sauran rubutu. Na sa Arial a duka biyun, na ba shi suna, na danna Save. Na san Arial ba abin burgewa ba ne, amma ina da dalili biyu. Sababbin Office suna farawa da salon Aptos, kwamfutar ɗakin taro kuwa sau da yawa tsohon Office ne a kanta, irin na 2016, wanda bai zo da shi ba. Idan ba ta same shi ba sai ta musanya da wani, layuka su karye a inda ba ku tsara ba. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa. Kafin ku amince da kowane salo, ku rubuta “ɓera, ɗaki, ƙofa” da shi, ƙanana da manya, ku ƙara girman ku duba. Idan ƙ ɗin ta fito siririya ko ta fi 'yan uwanta tsawo, salon ba shi da ita, aro aka yi daga wani. A kan majigi wannan aron yana fitowa fili.

Girman rubutu kuma a nan jikin uwa ake sa shi. Take na ba shi 32, matakin farko na rubutu 24, na biyu 20. Ƙasa da 18 wanda ke kujerar baya ba zai karanta ba.

Sai launi. Colors, Customize Colors. Gurbi 12 ne: huɗu na rubutu da bango, shida masu suna Accent 1 zuwa Accent 6, biyu na mahaɗin intanet. Wanda ya fi muhimmanci shi ne Accent 1, domin duk siffar da kuka zana, duk teburin da kuka saka, da jerin farko na kowane jadawali, wato Chart, daga gare shi suke ɗaukar launi. Saboda haka koren ƙungiya nan zai zauna. Na buɗe shi, More Colors, Custom, na rubuta lambarsa a gurbin Hex, wato 1B5E20. Idan naku ba shi da wannan gurbin, akwai Red, Green, Blue: 27, 94, 32, launi ɗaya ne. Accent 2 na ba shi ruwan ɗorawa, domin ginshiƙan jadawali biyu su bambanta ko da hasken majigi ya yi rauni.

Ku lura da wannan, shi ne ke raba aiki mai ɗorewa da wanda zai warware. Idan kun zo ba take launi, akwatin launuka kashi biyu ne: Theme Colors a sama, Standard Colors a ƙasa. Ku zaɓa daga na sama. Koren da ke sama yana bin gurbin Accent 1, in kuka sauya gurbin gobe, duk inda aka yi amfani da shi zai sauya. Koren da ke ƙasa kuwa ya zauna ke nan, ba ruwansa da abin da kuka sauya.

To, tambari. Muna nan kan uwa. Insert, Pictures, ku ɗauko shi, zai fi kyau ya zama PNG marar bango. Kada ku ja shi da linzami kuna aunawa da ido. Ku danna shi ta dama, Format Picture, sai Size & Properties. Ku tabbatar an yi wa Lock aspect ratio alama, shi ne ke hana irin ƙibar da muka gani a shafi na 9. Faɗin namu na sa santimita 3. Ina son tazarar santimita 1 daga bakin dama. Lissafin ke nan: 33.87, a cire 3, a cire 1, saura 29.87. Wannan nake rubutawa a Horizontal position, a Vertical position kuma 0.8, dukansu daga Top Left Corner. In kwamfutarku da inci take awo, ku rubuta 29.87 cm haka, za ta juya da kanta.

Yanzu ku dubi abin da ya faru. Akwatin take na asali yana farawa daga 2.33, faɗinsa 29.21, ke nan yana ƙarewa a 31.54. Tambarinmu kuwa ya fara daga 29.87. Take gajere ba zai nuna matsalar ba, amma ranar da wani ya rubuta “Kuɗin da aka kashe wajen sayen taki da iri a daminar bana”, ƙarshensa zai shige cikin tambari. Na rage faɗin akwatin zuwa 27, ya tsaya a 29.33.

Mu duba ƙananan. Title and Content ya bi, Two Content ya bi, Title Only ya bi. Comparison fa? Bai motsa ba. Wannan tsarin an ba takensa mazauni na kansa tun asali, don haka ba ya sauraron uwa a kan wuri da faɗi. Ko dai ku gyara shi da hannu a nan, ko ku goge shi in ba ku buƙatarsa. Ni goge su nake yi, in bar guda biyar ko shida. Duk tsarin da kuka bari ba ku duba ba, wata rana wani zai zaɓe shi.

Shafin farko yakan so babban tambari a tsakiya. Ku danna Title Slide, ku yi wa Hide Background Graphics alama, ƙaramin ya ɓace a wannan tsarin kaɗai, sai ku saka babban. Close Master View.

Ku gwada danna tambarin a shafi na yau da kullum. Ba ya kamuwa. Ba mai ture shi bisa kuskure.

Saura kwaso tsohon aiki, kuma a nan aka fi ɓata komai. Idan kun kwafo shafuka kun zo liƙawa, ku zaɓi Use Destination Theme. In kuka zaɓi Keep Source Formatting, shafukan za su taho da tasu uwar, fayil ya zama mai uwa biyu. Yadda za ku gane: ku danna Layout, in kun ga rukuni biyu na tsare-tsare, to an yi hakan.

Ga shafi na 9 bayan liƙawa. Tambari biyu, domin tsohon da aka liƙa da hannu ya biyo shi. Wanda ya kamu idan kun danna, shi ne tsohon, ku goge. Taken kuma har yanzu baƙi ne, saboda an taɓa shi da hannu. Home, Reset. Ya koma kore, ya koma mazauninsa. Kuna iya zaɓar shafukan duka a hagu da Ctrl+A ku yi Reset sau ɗaya, amma ku bi su da kallo bayan nan, domin duk akwatin da aka matsar da gangan shi ma zai koma.

Shafi na 14 ya ƙi. Na danna Reset, taken ko gezau. Wannan ba akwatin take ba ne, wani ne ya goge na asali ya zana Text Box a wurin, shi kuwa Reset ba ya taɓa shi. Hanyar kama irinsu: View, Outline View. Duk shafin da kuke ganin take a jikinsa amma layinsa a nan fayau yake, takensa na bogi ne. Reset ɗin ya riga ya dawo da akwatin gaske babu komai a ciki, sai ku yanko rubutun ku liƙa a ciki da Keep Text Only, ku goge na bogin.

Daga nan File, Save As, ku zaɓi PowerPoint Template, fayil mai ƙarewa da .potx. Shi za ku tura wa abokan aiki. Idan suka danna shi sau biyu, sabon aiki ne zai buɗe da duk abin da muka tsara, samfurin kansa bai taɓu ba. Ranar da ƙungiya ta sauya tambari, sai a buɗe samfurin ta File, Open, a shiga Slide Master, a danna tambarin ta dama, Change Picture. Sai dai rahotannin da aka riga aka yi da tsohon samfurin ba za su sauya da kansu ba, kowane fayil yana ɗauke da tasa uwar, sai an shiga an sauya a can ma.